Babi na Shida: Tsakanin Bakin Malami da Kunnen Ɗalibi

Tun daga watan Maris na shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, malamai da yawa waɗanda ba su taɓa tunanin za su karantar ba tare da sun ga gwiwar almajiri a gabansu ba suka wayi gari suna ba da karatu ta Zoom da Google Meet, har abin ya zauna, bai tafi da tafiyar annobar ba. To, cikin dukkan ƙorafe-ƙorafen da nake ji daga masu wannan sha'ani babu wanda ya kai na murya yawa, kuma babu wanda ake ɗora wa abin da bai ji ba bai gani ba kamarsa, domin da zarar ɗalibi ya ce, "Malam, ba ma ji sosai," sai a ce sabis ne, alhali sau da yawa sabis lafiyarsa lau, illar tana cikin ɗakin da malamin yake zaune, ko tsakanin bakinsa da makirufo.

Zan gina bayanina a kan mas'alar wani malami, aminina, mai karantar da tajwidi, wanda yake da ɗalibai goma sha biyu a garuruwa dabam-dabam. Na zaɓe shi ne saboda babu fannin da ya kai nasa buƙatar tsarkin sauti, tun da yake mai koyar da lissafi, in kalma ta ɓace, allo ya cike masa gurbi, amma mai koyar da makharijul huruf ba shi da wani allo sai kunne. Ya zo mini yana cewa ɗalibansa ba sa bambance sinun da sadun a bakinsa, shi ma ba ya bambancewa a nasu, har ya yi niyyar sayen sabuwar kwamfuta. Na roƙe shi ya dakata, na tafi gidansa ranar Asabar da hantsi.

Na tarar da shi a sabon ɗaki mai tayil a ƙasa, da bango na siminti mai fenti, da silin mai santsi, babu komai a ciki sai tebur da kujera da akwatin littattafai. Kwamfutar tana kan teburin, tsakaninta da bakinsa kamar santimita 60, taga tana bayansa a buɗe, fanka tana juyi bisa kansa, kuma yana jin ɗalibai ta sifikar kwamfutar. Abu na farko da muka yi, wanda shi ne asalin duk wani bincike a wannan babi, shi ne muka ɗauki muryarsa muka saurara, domin mutum ba ya jin kansa yadda ake jinsa. A cikin Zoom, wurin saitin sauti, akwai "Test Mic" mai ɗaukar magana ta ɗan lokaci ya maido wa mai ita, kuma ko manhajar ɗaukar murya ta cikin waya ta wadatar. Da ya ji abin da ɗalibansa suke ji, sai ya ce, "Ashe daga cikin rijiya nake yi musu magana."

Sababin wannan rijiya ƙa'ida ce guda, wadda in mai karatu ya riƙe ta, ya riƙe rabin babin. Murya, in ta fita daga baki, bazuwa take yi ta kowace fuska, don haka duk sa'ad da aka ninka tazara sau biyu, ƙarfin da yake isa wurin yakan koma kashi ɗaya bisa huɗu, abin da masana sauti suke ƙiyastawa da raguwar desibel 6. Ƙarar fanka kuwa, da ta janaretan maƙwabci, da amon muryar da ya bugi bango ya dawo, waɗannan sun cika ɗakin kusan daidai wa daida, ba su damu da inda makirufo yake ba. Saboda haka makirufon da yake santimita 15 daga baki yana samun muryar da ta ninka ta wanda yake santimita 60 sau goma sha shida, alhali hayaniyar da suke ɗauka kusan ɗaya ce. Wannan ne ya sa ƙara wa makirufo mai nisa ƙarfi daga cikin saiti ba ya magani, gama yana ɗaga murya da hayaniya ne gaba ɗaya, kuma shi ne ya sa iyafis mai waya, irin wanda ake sayarwa a tebur a bakin kasuwa, yakan fi makirufo mai tsada da aka ajiye can ƙarshen tebur. A ra'ayina, babu wani kuɗi da za a kashe a wannan sha'ani da yake biyan kansa kamar kuɗin iyafis ɗin nan.

Amma sanya shi yana da sharuɗɗa. Ɗan ƙullin da makirufon yake ciki ya kamata ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga baki, a gefe, don kada iskar da take fita tare da harufa irin su ba'un da fa'un ta buge shi ta yi tsawa, kuma kada a bar shi yana gogar aikin babbar riga ko gefen rawani, ko ya shige ƙarƙashin hijabi, domin kowace gogayya takan isa kunnen mai sauraro kamar ana yaga takarda. Ɗan maƙalli na tufafi ya isa ya tsayar da shi. Sa'an nan a duba bakin wayar: wanda yake da zobba uku shi ne mai makirufo, mai zobba biyu na sauraro ne kaɗai. Tsohuwar kwamfuta mai ramuka biyu, kore na kunne da ruwan hoda na makirufo, tana buƙatar 'yar waya mai raba baki ɗaya zuwa biyu. Kuma bayan an soka, wajibi ne a leƙa saitin manhajar a tabbatar ta zaɓi sabon makirufon, domin na sha ganin mutum da iyafis a kunne alhali makirufon kwamfuta ne yake aiki. Gwajinsa shi ne a ɗan ƙwanƙwasa ƙullin da farce: in alamar sauti ba ta yi tsalle ba, ba shi ake ji ba.

Aminina ya ce yana da iyafis na bulutut wanda ya saya da tsada, ya tambaye ni ko bai fi ba. Na ce masa a wajen sauraron karatu ya fi, amma a wajen magana ya kasa, kuma ga hujja. Bulutut yana da hanyoyi biyu, ɗaya faffaɗa ta sauraro kaɗai, ɗaya ƙunƙuntacciya ta kiran waya, kuma da zarar an buɗe makirufonsa sai ya koma ta biyun. Sauti kaɗawar iska ne, ana auna kaifinsa da yawan kaɗawa a sakan guda. Tsohon layin tarho yana wucewa ne da abin da yake tsakanin kaɗawa 300 da 3,400, kuma tsohuwar hanyar kira ta bulutut ba ta wuce wannan da yawa ba, sabuwar kuma takan tsaya wajen 8,000. Wasula suna zaune a ƙasa, shi ya sa ake gane magana a tarho, amma shewar sinun da sadun da zayun, waɗanda malaman tajwidi suke kira huruful safir, mafi yawan ƙarfinta yana sama da 4,000. In an datse wannan sashe, sai sinun da sa'un mai ɗigo uku da fa'un su yi kama da juna, ɗalibi ya koma cike gurbi da zato, kuma zato ba ya halatta a wurin da ake gyaran harafi. Haka abin yake ga mai koyar da Hausa ko Turanci, wanda yake son a ji bambancin "tsara" da "sara". Waya mai igiya ba ta da wannan datsewa, ba ta buƙatar caji, ba ta kuma jinkirta murya.

Da muka gama da tazara sai muka juya ga ɗakin, kuma a nan ya dace in kawo labarin mutumin da ya fara auna wannan al'amari. A shekarar 1895 jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyara zauren lacca na gidan tarihi na Fogg, inda kalma takan yi fiye da sakan biyar tana yawo kafin ta mutu, har ba a fahimtar mai magana. Ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zaure na kusa cikin dare, yana jera su, yana busa bututun sauti yana auna lokacin mutuwar amo da agogo, har ya gano cewa lokacin yana ƙaruwa da girman ɗaki, yana raguwa da yawan abin da yake shan sauti. Ƙa'idarsa, da ma'aunin mita, ita ce:

T = 0.161 × V ÷ A

T shi ne sakan nawa amo yake ɗauka kafin ya ragu da desibel 60, V girman cikin ɗakin, A kuma jimillar shan sauti na duk abin da yake ciki, inda taga buɗaɗɗiya mai faɗin mita ɗaya murabba'i take daidai da 1, tun da abin da ya fita ta cikinta ba ya dawowa. Ɗakin aminina mita 4 ne tsawo, 4 faɗi, 3 tsayi, wato V ya zama 48. Tayil da siminti ba sa shan fiye da kashi biyu ko uku cikin ɗari na sautin da ya buge su, don haka, da muka haɗa da silin da ƙofa da ɗan kayan da yake ciki, muka ƙiyasta A bai wuce 5 ba, sai T ya fito kimanin sakan ɗaya da rabi. Ɗakin karatu kuwa ana so ya kasance wajen rabin sakan, domin mai magana yana furta gaɓoɓi huɗu ko biyar a sakan guda, kuma in amon gaɓar farko bai mutu ba har ta shida ta fito, baƙaƙe masu rauni su ne suke fara nutsewa.

Ba mu sayi komai ba. Muka ɗauko katifar soso daga ɗakin baƙi muka jingina ta a bangon da yake fuskanta, muka shimfiɗa kafet mai kauri, muka rataya labule mai nauyi a tagar, muka bar shi da naɗe-naɗensa da ɗan rata tsakaninsa da bango, sa'an nan muka fito da littattafan daga akwati muka jera a kanta. Da wannan ƙiyasinmu na A ya kusa 12, T ya sauko ƙasa da kashi biyu bisa uku na sakan. Mai karatu ba ya buƙatar lissafin kafin ya gane halin ɗakinsa: ya tsaya a tsakiya ya tafa sau ɗaya da ƙarfi, in ya ji tafin yana da wutsiya, ko wani ƙara-ƙara kamar na ƙarfe tsakanin bangaye biyu, ɗakin yana son kaya masu taushi. Lalle ɗakin kwana, mai gado da katifa da tufafi a rataye, ya fi falon da aka ƙawata da tayil dacewa da wannan aiki, ko da yake mutane suna gudunsa don kunyar a ga shimfiɗarsu, abin da labule ɗaya a bayan mai magana yake maganinsa.

Akwai haddi ga wannan dabara, kuma wajibi ne in faɗe shi don kada a yi wahalar banza. Katifa da labule suna kashe amon cikin ɗaki ne, ba sa hana ƙarar waje shigowa. Wannan sai bango mai nauyi, da rufe taga da ƙofa, da toshe ratar ƙasan ƙofa da tsumma, da nisantar da janareta zuwa ɗaya gefen gida. Kwalin ƙwai da wasu suke mannawa a bango ya yi sirara da yawa, amfaninsa kaɗan ne ƙwarai. Fanka kuma, tun da ba a iya kashe ta a watan Afrilu, sai a rage gudunta, a kauce daga ƙarƙashinta, a sa wa makirufo 'yar hular soso, domin bugun iska a kansa ya fi ƙarar fankar kanta ɓarna. In kuwa an ji wani gunji mai ɗorewa ƙasa-ƙasa, a zare caja a saurara: in ya ɗauke, daga wuta yake, sai a yi karatun da batir ko a sake caja.

Saura mas'alar sifika, wadda a cikinta ake yawan zaluntar marar laifi. In Malam yana magana sai ya ji muryarsa tana dawo masa bayan ɗan lokaci, illar tana can wajen wani daga cikin masu sauraro, wanda sifikarsa ta fitar da muryar Malam, makirufonsa ya sake ɗauka ya mayar. Ma'ana, wanda ba ya jin amsa-kuwwar, galibi shi ne mai haddasa ta. Manhajojin taro suna da dabarar share wannan, suna kwatanta abin da suka aika wa sifika da abin da makirufo ya ɗauko su cire, amma dabarar takan gaza in an ƙure ƙarar ƙaramar sifika har tana karkarwa, ko in mutum biyu suna magana lokaci guda, sai ta riƙa yanke ɗayansu. Wannan kuwa musiba ce ga malamin da yake gyara wa ɗalibi yana cikin karatu, gama daidai kalmar gyaran ita ce take ɓacewa. Hanyar gano mai laifi ita ce a rufe makirufon mahalarta ɗaya bayan ɗaya har amon ya ɗauke, maganinsa kuma iyafis a kunnen kowa. Inda yara uku ko huɗu suke taruwa gaban na'ura ɗaya, sai a yi amfani da sifika ta waje a matsakaicin ƙara, a nisanta ta daga makirufo, a juya fuskarta ga yaran, kuma kada a bar na'urori biyu da sautinsu a buɗe cikin ɗaki guda, domin su ne suke haifar da kukan nan mai huda kunne.

Abu na ƙarshe da muka taɓa a wajen sauti shi ne matatar hayaniya ta manhaja. An gina ta ne don maganar yau da kullum, tana ɗaukar sautin da ya daɗe bai canza ba a matsayin ƙarar inji, saboda haka muka lura tana raunana madda mai tsawon haraka shida da gunna, tana kuma cinye numfashin ha'un. A Zoom akwai "Original sound for musicians", wanda in an zaɓe shi a saiti, aka kuma kunna shi a cikin taron, yake barin sauti yadda ya shigo. Sharaɗinsa shi ne ɗaki ya yi shiru kuma a sa iyafis, in ba haka ba duk abin da matatar take ɓoyewa zai bayyana. Mai taron ofis a wuri mai hayaniya ya bar matatarsa a kunne, ita ta fi masa alheri.

Game da kyamara ba zan tsawaita ba, domin illarta kusan ɗaya ce, wato ƙarancin haske a fuska. Idon kyamarar kwamfuta ƙarami ne ainun, kuma tana auna hasken hoton gaba ɗaya ta daidaita kanta, don haka taga a baya, ko farin bango mai ƙyalli, ko farar riga fes, sukan sa ta rage haske har fuskar baƙin mutum ta koma inuwa, ɗalibi kuwa yana buƙatar ganin leɓɓa da haƙora. Muka juya teburin aminina har wata tagar ɗakin ta kasance gabansa, ɗan gefe kaɗan, muka ɗora kwamfutar a kan littattafai har kyamarar ta yi daidai da idonsa, muka goge gilashinta da ƙyalle mai laushi, sai ga ƙurar hunturu da maiƙon yatsa sun fita, hoton ya washe. Da dare, fitila mai caji da aka haska ta a farin bango na gaba, ko aka rufe ta da farin ƙyalle marar kauri, ta fi ƙwan da yake tsakiyar silin, wanda yake zuba inuwa a ramin ido. In an ga ratsi-ratsi suna tafiya a hoton ƙarƙashin hasken lantarki, sababinsa shi ne wutar Nijeriya da Nijar tana juyi sau 50 a sakan, kyamarar kuwa an saita ta a kan 60 na Amurka, sai a nemi "PowerLine Frequency" a saitinta a mayar 50 Hz. Wanda kyamararsa ta lalace ba sai ya sayi wata ba, kyamarar bayan wayarsa ta fi yawancin na kwamfuta, kuma manhaja irin DroidCam tana haɗa su.

Sa'an nan a san cewa hoto shi ne mai cin data. Bisa ƙiyasin Zoom kanta, murya tana buƙatar kilobit 60 zuwa 80 a sakan, wato ƙasa da megabayit 40 a awa, hoto mai kyau na 720p kuwa yana buƙatar wajen megabit 1.2, wato fiye da megabayit 500 a awa ta fuska ɗaya kaɗai. Daga nan ake bambance ciwon sabis da ciwon ɗaki: in murya tana yankewa, tana saurin gudu bayan tsayawa, ko tana yin kamar ta ƙarfe, hoto kuma yana daskarewa, sabis ne, kuma kashe kyamarorin ɗalibai yakan ceci muryar. In kuwa tana tafiya ba yankewa amma da nisa da amo da duhu, ko an sayi data ta duniya ba za ta gyaru ba.

Aminina bai sayi kwamfutar ba. Abin da ya kashe shi ne kuɗin iyafis mai waya da 'yar hular soso, ya kuma sharɗanta wa ɗalibansa kowa ya zo karatu da nasa a kunne, kuma a darasin da ya biyo baya ya kama wani yaro yana mai da sadun sinun, kuskuren da ya yi watanni yana wucewa ba a ji ba. Ina roƙon mai karatu, kafin ya kai kuɗinsa kanti, ya ɗauki muryarsa ta minti ɗaya a wurin da ya saba zama, ya sake ɗauka da makirufo taƙi ɗaya daga bakinsa a ɗaki mai katifa da labule, sa'an nan ya saurari biyun da iyafis a kunne.